Uku Bisa Ɗaya Bai Nuna Akwai Kuɗi a Hannu Ba

"Kadarorin gajeren lokaci na ƙaramin kamfanin saye da sayarwa sun ninka bashinsa na kusa sau uku. Ashe ba shi da matsalar biyan bashi ke nan?"

Ba lallai ba ne. A duba cikin kadarorin tukuna, wato kuɗin hannu, haja da bashin da kamfanin ke bi. Mu ɗauka sun kai dubu 300, bashin kuwa dubu 100. Idan dubu 240 daga ciki haja ce jibge a sito, saura dubu 60 kacal, wato 0.6 bisa 1 idan aka kwatanta da bashin. Da masu bin bashi za su zo gobe, kamfanin ba zai iya sallamar su ba, sai dai ya karya farashin haja, ribarsa ta ragu. Ko dubu 60 ɗin ma, wataƙila rabinta bashi ne da yake bin abokan ciniki, kuma ba kowa ke biya kan lokaci ba.

Shi ya sa nake fara duba kwanakin da haja ke yi kafin ta fita. Idan bara kwana 60 ne, bana 110, wataƙila kasuwa ce ta tsaya. Wanda ya ci rancen dogon lokaci don cike giɓin kuma, sai rabon bashi bisa jari ya hau, kuɗin ruwa ya cinye sauran ribar.