Canza kalmar sirrin waifai ya fi toshe baƙo ɗaya-ɗaya

"Intanet ɗina ya yi nauyi, na ga baƙuwar waya na toshe ta. Shi ke nan?"

Da sauran aiki. Rauta, wato na'urar da ke raba waifai, tana gane kowace na'ura ne da lambar shaidarta da ake kira `MAC`, kuma wayoyin yanzu suna iya canza wannan lamba, sai wanda ka toshe ya dawo da sabuwa tunda kalmar sirri na hannunsa. Ta yiwu ma talabijin ɗinka ka toshe.

Shiga shafin rauta ta hanyar rubuta adireshinsa a burauza, galibi `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`, ka buɗe jerin na'urorin da ke haɗe. Kashe waifai a na'urorin gida ɗaya bayan ɗaya kana sabunta shafin. Wadda ta rage ita ce abar zargi. Daga nan sa sabuwar kalmar sirri mai haruffa 12 ko fiye, ka zaɓi tsarin tsaro na `WPA2` ko `WPA3`, ka kashe `WPS`, wato hanyar haɗa na'ura ba tare da rubuta kalmar sirri ba. Kowa zai fita, sai ka sake haɗa na'urorinka da sabuwar kalmar.