Yadda na tafi hutu na bar akwatina yana hira da na maƙwabcina

Ranar Juma'a da ƙarfe 4 na yamma zan fara hutun sati biyu, sai na buɗe Outlook, manhajar imel, na shiga File, na danna Automatic Replies, na sa ranar tafiya da ranar dawowa, na rubuta cewa ba na nan. Wannan bai da laifi ko kaɗan, domin kowane mutum sau ɗaya tak yake ba shi amsa, ko da wasiƙa goma ya aiko. Na Gmail ma sai bayan kwana 4 yake sake amsa wa mutum ɗaya.

Da a nan na tsaya, da na sha hutuna lafiya. Amma sai iyayi ya motsa. Na shiga Rules na kafa doka cewa duk saƙon da ya shigo a tura wa Malam, abokin aikina na teburin kusa, na zaɓi "forward it to people or public group", ban ware kowa ba.

Ashe shi ma Malam ya tafi ɗaurin aure ƙauye. Kuma bai bi ta Automatic Replies ba, doka ya kafa da "have server reply using a specific message". Ita wannan ba ta riƙe lissafin wanda ta riga ta amsa wa, duk sallamar da aka yi sai ta amsa, ko kwamfuta na kashe.

Wani mai tallar tawadar firinta ne ya kunna wutar. Saƙonsa ya shigo, akwatina ya tura. Shi kuwa saƙon da aka tura ta wannan hanya da sunana yake isa, don haka amsar Malam ni ta dawo wa. Dokata ta ga sabon saƙo, ta mayar masa. Tasa ta sake amsawa. Kusan duk minti biyu sai an zagayo, awa 64 cur, har safiyar Litinin: saƙo wajen 1,900 a kowane akwati, duk suna shaida wa juna cewa ba ma nan.

Ina cikin shan koko mai kula da kwamfutocin ofis ya kira.

"Yallaɓai, kai da Malam kun shirya kuwa? Tun Juma'a kuke gaisawa."

Ya kashe dokar tawa, nan take hirar ta mutu. Ya ce da "redirect it to people or public group" na zaɓa, da saƙon ya isa da sunan mai tawada, amsar ta tafi can. Ko kuma in ware adireshin Malam a jerin waɗanda ba a tura saƙonsu.

Ranar farko da na dawo a goge-goge ta ƙare. Mai tawadar kuwa har yau ba wanda ya amsa masa sai akwatina, sau ɗaya.