Kallo ya ƙaru, kuɗi ya ragu: ina suka shiga?

Jiya da dare a fadarmu nan Yamai, wani ƙanena ɗan Tawa mai tashar YouTube ya miƙo min wayarsa ransa a ɓace. "Yaya, duba min. Watan Janairu an fi kallona, amma kuɗin bai kai na Disamba ba." Shi a ganinsa cin sa aka yi. Na zauna na duba lissafin da shi, kuma abin da na gani ne ya sa nake wannan rubutu, don yara da yawa na ƙona jikkuna a forfe da tunanin cewa kowane kallo yana da tsayayyen farashi.

Ba kallo ake saye ba. Masu talla ne ke biya, su yi gwanjo a kan idon wanda ke kallo. A dogon bidiyo, YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar, a Shorts kuma, wato gajerun bidiyo, kashi 45 na rabon da ya faɗo masa. Lambar da ya kamata ka sa wa ido a YouTube Studio, shafin lissafin mai tasha, ita ce RPM, wato abin da ya shigo hannunka a kan kowane kallo 1,000.

Mu ɗauki misali mai kama da nasa. A Disamba an kalle ka sau 200,000, RPM ɗinka santi 60 na dalar Amurka (ba dalarmu ta sefa biyar ba), ka tashi da dala 120. A Janairu kallo ya hau 260,000, amma RPM ya sauko santi 30, sai ka ga dala 78. Abu biyu ne suka haɗu. Ƙarshen shekara kamfanoni na rige-rigen talla saboda bukukuwa, Janairu kuwa sun ƙarar da kasafinsu, farashi ya faɗi. Na biyun shi ne wanda ya fi shafar mu: daga ina ake kallon? Bidiyon da ƴan uwanmu na Faransa ko Amurka suka yaɗa a tsakaninsu ya fi kawo kuɗi nesa ba kusa ba a kan wanda aka kalla a Yamai, Tawa da Kwanni, saboda masu talla na can sun fi zuba kuɗi. Ƙanena da ya buɗe shafin ƙasashen masu kallo, sai ya ga ƙarin da ya samu kusan duka na gida ne. Kuma dala 78 ɗin nan ba za a turo maka ba, don AdSense, tsarin Google da ake biyan masu tasha ta cikinsa, ba ya biya sai kuɗi ya kai dala 100. Ba su ɓace ba, suna jiran wata mai zuwa.

Akwai kuma waƙar wani da ka ɗora a ƙarƙashin bidiyo: idan mai ita ya yi da'awa, kuɗin tallar na iya tafiya wurinsa. Idan alamar dala da ke gefen bidiyonka a YouTube Studio ta koma rawaya kuwa, an taƙaita talla ke nan.

Duk wannan ma sai ka shiga tsarin da YouTube ke raba kuɗin talla da masu tasha. Don samun kuɗin talla ana neman mabiya 1,000, haɗe da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 da suka gabata, ko kallon Shorts miliyan 10 cikin kwana 90. Awa 4,000 minti 240,000 ne. Idan mutane na tsayawa minti uku a bidiyonka, kana bukatar kallo 80,000. Kuma awoyin na zubewa ta baya, na bara war haka suna fita daga lissafi kowace rana. Kallon da aka yi a layin Shorts ba ya shiga cikin awoyin nan, nan ne da yawa ke ruɗewa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne maganar ƙasa. Tsarin ba a ko'ina yake ba. Da na duba jerin, na ga Najeriya, Gana da Sanagal, ban ga Nijar ba. Ƙanena ya samu shiga ne don a can bakin teku yake zaune, ganin gida ya zo. Sai ka ga yaro a nan ya sa ƙasar da bai taɓa taka ta ba, ko ya ari asusun wani. To idan kuɗi ya kai dala 10, takarda mai lambar sirri ake aikowa ta gidan waya zuwa adireshin da ka rubuta, ana kuma iya neman takardar shaida mai sunan nan. Wanda sunansa ke kan asusun, shi ke karɓar kuɗin, kai da ka sha rana kana ɗaukar bidiyo sai abin da ya ga dama ya turo maka.