Sabuwar waya ta ƙi hawa wifi: ba lallai laifinta ba ne

"Na sayi sabuwar waya a Babbar Kasuwar Yamai, ta ƙi hawa wifi ɗin gida, alhali sauran wayoyi suna aiki. Jabu aka sayar mini?"

Kafin ka koma wurin mai shago da faɗa, gwada ta da wifi na maƙwabci. In ta hau, wayar lafiyarta lau, rawuta, wato na'urar da ke ba da wifi a gida, ita ce ke korar ta.

Kowace na'ura tana da lambar MAC, wato lambar da rawuta ke gane ta da ita, mai haruffa da alƙaluma 12. Sau da yawa wanda ya kafa rawuta yakan kunna `MAC Filtering`, ya rubuta na'urorin da ya tarar, don hana masu satar layi. Wadda ta zo daga baya sai a ƙi ta shiru, ko da kalmar sirri daidai ce. In kuwa ta haɗu amma babu intanet, musamman a wasu sa'o'i, duba `Parental Controls` a saitin rawutar.

Da tsohuwar waya, buɗe adireshin da ke bayan rawutar, galibi `192.168.1.1` ko `192.168.8.1`, ka ƙara lambar sabuwar cikin waɗanda aka yarda da su.

Ga inda ake tuntuɓe. Tun daga Android 10 da iOS 14, waya na ƙirƙiro wa kowane wifi wata MAC daban, ba ta cikin `About phone` ba. Ka kwafi wadda ke cikin saitin wannan wifi ɗin, ko ka zaɓi `Use device MAC` don wayar ta koma amfani da ta cikin `About phone`. A iPhone, kashe `Private Wi-Fi Address`.

Kada ka yi gaggawar danna `Reset` na rawutar, zai goge sunan wifi, kalmar sirri, har da saitin kamfanin layi.