Kwano na Tara: sa wa rubutu suna ba tare da an tona ƙarshensa ba

Masu rubuta labarin rayuwarsu a nan Sakkwato sun ƙaru, kuma da yawansu alƙalaminsu na da kaifi. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya kwana uku yana gina rubutu, ya ɓoye ƙullinsa har sakin layi na ƙarshe, sannan ya ɗauko ƙullin nan da hannunsa ya aza a layin farko da sunan take. A Facebook kuwa babu wani gurbi na daban da aka ware wa take. Layinka na farko shi ne taken, kuma bayan 'yan layuka sai rubutun ya yanke a ga See more. Wanda ya riga ya san inda labari zai sauka, me zai sa ya danna?

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ɗaliba daga Mabera ta rubuta labarin mahaifiyarta. Su takwas ne a gidan, amma kullum Inna in ta kwashe tuwon dawa sai ta jera kwano tara. Na taran ta rufe shi da faifai, bayan magariba almajirin gidan ya ɗauka ya fita. Yarinyar ta taɓa tambaya, "Inna, wanga na wa na?" Inna ta ce, "Na mai rabo na." Kowa ya ɗauka sadaka ce. Sai a sakin layi biyu na ƙarshe muka gane cewa shekara bakwai tuwon nan yana zuwa ne Runjin Sambo, wurin tsohuwar kishiyar Inna, wadda suka yi zaman doya da manja kafin aurenta ya mutu, ciwo kuma ya kwantar da ita. To, wane suna za a sa wa wannan rubutu?

Abin da hannu ke fara rubutawa shi ne irin su "Yadda Inna Ta Ciyar da Kishiyarta Shekara Bakwai". Wannan kanun labarai ne, kuma a jarida daidai yake, domin ita jarida aikinta ta faɗi kome tun daga sama. A rubutun rayuwa kuwa ya kashe aikin. In an gajarta zuwa "Kishiyar Inna" ma ba a tsira ba, saboda mai karatu na ganin kwanon da ba a san mai shi ba zai haɗa shi da kishiyar da ke zaune a take tun sakin layi na biyu. Ƙa'idar da nake ganin ta fi amfani ita ce wannan: raba rubutunka kashi uku, duk mutum ko abu ko wurin da bai bayyana ba sai a kashi na uku, to haramun ne ga take. Kishiya ta faɗa ciki. Runjin Sambo ma haka.

Sai a koma ga "Sirrin Inna". Wannan bai faɗi amsar ba, shi ya sa mutane ke zaton ya yi. Amma ya sanar cewa akwai abin da aka ɓoye, sai mai karatu ya zama ɗan sanda, yana tsallake bayanin ƙamshin daddawa da zaman tsakar gida yana neman inda za a fasa ƙwai. In ya iso ƙarshe sai ya ce, au, dama wannan ne? Alhali da ba a ce masa sirri ba ne, da abin ya dake shi a ƙirji. Kalmomin da ke wannan ɓarnar sanannu ne: sirri, ashe, abin mamaki, ban taɓa zato ba. Akwai kuma waɗanda ke tona mutuwa ko rabuwa ba da gangan ba, irin su marigayiya, na ƙarshe, bankwana. "Tuwon Inna na Ƙarshe" ya riga ya yi mata jana'iza tun ba a fara karatu ba.

Karin magana fa? Nan ne nake so mu daɗe, domin nan ne mu Hausawa muka fi faɗawa. Muna son yanko rabin karin magana mu yi take da shi, muna ganin mun ɓoye rabi. Matsalar ita ce babu Bahaushen da zai ji rabin farko bai cika na biyun a zuciyarsa ba. Ka rubuta "Mai Haƙuri", ya riga ya ji an dafa dutse an sha romo, ya san wahala za ta ƙare da daɗi. Ka rubuta "Ramin Mugunta", ya san wanda ya gina shi zai faɗa. Karin magana hukunci ne da aka yanke tun kaka da kakanni, kuma take mai ɗauke da hukunci ya gaya wa mai karatu yadda zai ji kafin ya ji. Ba na cewa kada a taɓa amfani da shi. Yana aiki idan rubutun zai yi jayayya da shi, misali a sa "Mai Haƙuri" a kan labarin wadda ta yi haƙurin har ƙarshe dutsen bai nuna ba. Amma a labarin Inna, duk wani karin magana kan alheri ko kan kishi zai nuna hanya tun daga bakin ƙofa.

Daga nan wasu kan tsorata su gudu can ɗaya gefen, su sa "Darasin Rayuwa" ko "Uwa Ta Gari". Waɗannan ba su tona kome ba saboda ba su faɗi kome ba. Gwajinsu mai sauƙi ne: in taken zai zauna daram a kan rubutun mutum ɗari dabam, to ba na naka rubutun ba ne. "Tuwon Dare" ya ɗan fi su, tunda ya fito daga cikin labarin, sai dai a rufe yake, babu tambayar da yake tayarwa. Kowane gida ana tuwon dare.

Yadda ake nemo na kirki aikin takarda ne da biro. Bayan an gama rubutun, ba kafin nan ba, a karanta kashi biyu na farko a fitar da duk abin da ake iya taɓawa ko ƙirgawa ko ji da kunne. A namu misalin za a samu faifai, kwano, mara, almajiri, magariba, lambar tara, da amsar nan ta Inna. Sai a tambayi kowanne: ma'anarka ta sauya bayan an karanta ƙarshe? Mara ba ta sauya ba, kwasar tuwo take yi da fari da ƙarshe. Kwano na tara kuwa da fari rarar abinci ne, daga baya ya zama shekara bakwai na yafiyar da ba a taɓa furtawa ba. Shi ke nan an samu: "Kwano na Tara". Kalma uku. Wanda bai karanta ba zai ji akwai takwas da aka san masu su, akwai ɗaya da ya yi saura, kuma wannan ɗan rashin daidaiton shi ke jawo shi. Wanda ya gama karatu in ya ɗaga ido ya sake kallon taken, sai ya ga kalmomin ba su motsa ba amma nauyinsu ya ƙaru.

Sai dai taken na da sharaɗi a kan rubutun. Dole kwanon ya bayyana da wuri, cikin sakin layi na farko ko na biyu, a kuma faɗi cewa mutanen gidan takwas ne, in ba haka ba tara ba ta nufin kome. Ya sake leƙowa a tsakiya, ko sau ɗaya, misali ranar da hatsi ya yi ƙasa a gidan aka rage wa kowa malmala amma ba a taɓa ta kwano na tara ba. Sannan ya dawo a ƙarshe. In ya fito sau ɗaya tak, mai karatu zai manta da shi, taken ya zama kamar hular aro.

Akwai ɗan takara na biyu da nake ƙauna ƙwarai, wato "Na Mai Rabo Na". Muryar Inna ce da bakinta, da Sakkwatancinta, kuma ita ma ma'anarta tana juyawa a ƙarshe. Iyakarsa ita ce mai karatu na Kano ko Zariya zai iya ɗauka kuskuren bugu ne, an so a rubuta "ne". In rubutun na mutanen gida ne, ko kuma Sakkwatanci ya ratsa dukan maganganun ciki, zan zaɓe shi ba tare da shakka ba. In zai yi nisa, kwanon ya fi tafiya. A kula kuma da haruffa masu lanƙwasa, don a take babu jimlar da za ta warware ruɗani: kishi dabam, ƙishi dabam, kuma wayar da ba ta da ƙ za ta mayar da mai jin ƙishi mai kishi.

Wanda yake tsoron kada take mai ishara ya bar mutane cikin duhu, magabatanmu na garin nan sun bar mana dabara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kira littafinsa Infaƙul Maisuri, wato ciyar da abin da ya sawwaƙa, sannan rabin sunan na biyu ya faɗi cewa tarihin ƙasashen Tukururu ne. Rabi ishara, rabi bayani. Haka za a iya rubuta "Kwano na Tara", a ƙasa a ƙara "tunawa da girkin Inna a Mabera". Layi na biyu ya faɗi batun da wurin, bai kusanci ƙarshen ba.

Kafin a saki rubutu, a gwada. A tura taken kaɗai ga mutum uku da ba su san labarin ba, a ce kowa ya faɗi yadda yake zaton zai ƙare. In biyu sun canka, taken na yoyo. In duk ukun sun ce ba su ma san kan me ake magana ba, ya rufe da yawa, sai a ƙara masa layin bayani. Amsar da ake nema ita ce irin "kamar maganar abinci ce a wani gida, amma wa ke da na taran?" Daga nan a ba ɗayansu cikakken rubutun, in ya gama a tambaye shi me taken ke nufi yanzu. In amsarsa ta biyu daidai take da ta farko, abin da aka zaɓa bai juya ba, sai a koma jerin nan na takarda a ɗauko wani.

Abu na ƙarshe da za a duba shi ne jimlar rufewa. Marubuta da yawa in sun samu take mai kyau sai su kasa haƙuri, su rufe da "wannan shi ne ma'anar kwano na tara". A goge wannan layin. Ya isa a nuna yarinyar tsaye a ɗakin nan na Runjin Sambo, ta hango faifan gidansu mai jan baki jingine da bango, kwanon kuma an wanke an kife shi yana jiran almajiri.