Cakin mai sarauta da abin da ya ja mani a banki

Ku da kuka zo walimar naɗin Alhajinmu na Ƙofar Ƙaura kun ga rumfuna da kujeru da janareta, to duk nawa ne, kuɗin aiki dubu 380. Bayan an watse na je karɓar haƙƙina, ina tsammanin zai ce yaro ya yi mani tiransifa, sai ya sa aka ɗauko mashi littafin caki daga cikin mota, wai shi manyan kuɗi ba ya tura su ta waya. Cikin Janairun 2024 ne, ana tsananin hunturu. Ya rubuta, ya ja wani dogon sa hannu, na ce Allah ya ja zamanin mai sarauta na fito.

Na fara zuwa bankin shi don in karɓi tsaba, yaron kanta ko juya takardar bai yi ba ya ce caki na wani in ya haura dubu 100 ba a biya a hannu, dokar Babban Banki ce, in kai asusuna. Na hau mashin zuwa nawa bankin a kan IBB Way, na cika takardar ajiya, kashiya ta buga hatimi ta ce tunda bankin ba ɗaya ba ne sai ya bi ta kiliyarin, wato a tura wa bankin mai cakin ya tantance kafin a biya, gobe da yamma in duba. Ban kai gida ba alat ya shigo, 380,000 cif.

To ni dai a sanina alat kuɗi ne. Washegari da hantsi na wuce Kasuwar Santara na sa aka fitar mani da buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin taliya, har mai baro ya ɗaure kaya da igiya, na miƙa kati. Na'ura ta yi ɗan tunani ta tofo `INSUFFICIENT FUNDS`. Na ce netwok ne a sake, aka sake, ta maimaita. Mai shago bai ce komai ba, hannu kawai ya ɗaga wa mai baro, shi kuma ya fara kwance igiyar nan a hankali yana kallona kamar wanda aka hana sadaka, kuma sai da na biya shi kuɗin ɗaurewa da kwancewa. Ashe layi biyu ne a asusun mutum, akwai `Ledger Balance` akwai `Available Balance`, na farkon lissafin littafi ne kawai, cakin da bai gama wanka ba ma yana ciki, na biyun shi ne abin da za ka iya taɓawa. Nawa na biyun dubu huɗu da 'yan canji ne. Yo don Allah in kuɗi ba su zama nawa ba mi ya kawo alat?

Kafin la'asar wani alat ya shigo, an zare 380,000 ɗin nan yadda suka shigo.

Litinin da sassafe ina banki. Layin masu ƙorafi ya kai bakin ƙofa, kuma wa zan tarar a bayana in ba maƙwabcina mai fansho ba, kun san shi, wanda ke zama gindin dalbejiya da rediyo. Da na isa gaban tebur na sunkuya na yi ƙasa da murya yadda ko ita matar da ƙyar take ji, na ce Hajiya kuɗi ne suka shigo suka fita. Ta danna kwamfuta, ta ɗago, ta ce da muryar da har sikiriti na waje sai da ya leƙo, "Malam ai cakinka ne ya dawo, ba a biya ba!"

Wallahi layin nan tsit ya yi. Wata tsohuwa da ke gefena ta janye jakarta ta rungume. Sai kawai na ji muryar mai fansho daga bayana, "Inna lillahi, cakin bogi? Ai wannan tun 1977 akwai doka a kai, shekara biyu ne a gidan yari, babu zaɓin tara." Bai tsaya nan ba, ya juya yana yi wa mutanen baya bayani dalla-dalla, har da cewa shi ya san ni tun ina yaro kuma gidanmu gidan mutunci ne, bai san mi ya kai ni ba. Wani ya ce zamani ne, wani ya ce matasan yanzu son kuɗin dare ɗaya. Ni ina tsaye da hula a karkace, sanyi ake amma zufa na bin bayana, ina cewa Baba ba ni na rubuta ba, ba ni aka yi, shi kuma yana cewa to ai haka kowa ke faɗi in an kama shi.

Kuma abin haushin, dokar da ya faɗa gaskiya ce, sai dai ba ta shafe ni ba ko ta ina. Wanda ya rubuta cakin take kamawa, shi ma sai in rashin kuɗi a asusu ne ya sa aka dawo da shi. Ita Hajiyar ce ma ta cece ni, ta juyo da fuskar kwamfutar ta nuna mani dalilin da bankin Alhaji ya rubuto, `STALE CHEQUE`. Ta ce da babu kuɗi ne, yawanci abin da za ka gani shi ne `DAR`, wato a koma wa mai caki ya san abin da ake ciki, ladabin banki ke nan na cewa asusu ya bushe. Naka kwana ya yi. Na ce Hajiya wane irin kwana, ranar Laraba aka rubuta shi a gabana. Ta buɗo hoton cakin, don yanzu hoto ake turawa ɗaya bankin ba takardar ba, ta ƙara mashi girma. Rana daidai, wata daidai, shekara 2023. Hannun Alhaji bai shigo sabuwar shekara ba. Caki kuwa wata shida ne ranshi daga ranar da ke rubuce a kai, ba daga ranar da aka miƙa maka ba, to nawa a ido na banki shekara guda ya yi a aljihu. Ta ce duk Janairu sai sun sha irin wannan. Na ce to ita kashiyar da ta karɓa ta buga hatimi fa, ba ta da ido? Ta ce in matsa akwai mutane.

Na juyo don in wanke kaina, in ce jama'a kun ji dai kwanan wata ne, ashe mai fansho ya riga ya fita, ya bar layin shi ma gaba ɗaya, labari ya fi mashi abin da ya kawo shi. Kafin azahar matata ta kira tana kuka wai an ce 'yan sanda sun tafi da ni daga banki.

Bari in faɗa maku wane ne wannan mutumin, don wasu na ganin dattijo ne. Auren ɗiyarshi ta biyu kujera ɗari ya ɗauka wurina da rumfa biyu, ya ce bayan biki. Kujeru suka dawo saura 94, ɗaya ba ƙafa, da na yi magana ya ce ai maƙwabtaka ta wuce kujera. Har yau ko sisi. Fanshon shi in ya makara ni yake tarewa a ƙofar masallaci, in ya shigo kuma sai ya bi ta lungun baya. Mutumin da ko littafin caki bai taɓa riƙewa ba shi ne ya haddace dokar 1977 da shekarunta, don kawai ranar da za ta yi mashi amfani a kaina. Kuma da na tare shi da yamma na nuna mashi takardar da banki suka ba ni, cewa ya yi to Alhamdulillahi, shi dama bai yarda ba, addu'a yake ta yi mani.

Na koma wurin mai sarauta. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce kawo in mai da ukun huɗu. Na ce ranka ya daɗe, an ce gyara a caki sai ka sa cikakken hannu a gefen gyaran, kuma ko da haka suna iya ƙi, ga shi wannan ya riga ya sha hatimi, a taimaka da sabon shafi. Ya rubuta sabo, na tsaya a kanshi ina karanta shekara da ƙarfi, na duba kuɗin da ke lamba da na kalmomi sun yi daidai, don Hajiya ta ce shi ma yana dawo da caki. Wannan karon ban je kasuwa ba, gida na zauna ina kallon layi na biyu.

Ya sake dawowa. `IRREGULAR SIGNATURE`.

A nan ne na gane inda gizo ke saƙa. Lokacin da mutum ya buɗe asusu akwai katin da yake sa hannu a kai, shi suke ajiyewa a kwamfuta, duk cakin da ya zo sai a jera hoton shi da wancan. Ba ruwansu da cewa kowa a Katsina ya san Alhaji, ba ruwansu da kuɗi na nan jibge, in zanen bai yi kama ba sai su mayar. Shi kuwa Alhaji ya buɗe asusun nan tun yana sayar da taki a ƙaramin shago, sa hannun lokacin sunan shi ne kawai a gajarce da ɗan layi a ƙasa. Tunda aka fara maganar naɗi ya ƙirƙiro sabo, da sunan sarautar a ciki da wata jela da ke zagayowa ta sama. Na farkon ma da shekarar ta yi daidai da wannan zai kayar da shi, kawai dai sun rubuto dalilin da suka fara gani ne. Wai ma sun kira shi a waya don su tabbatar, bai ɗauka ba, saboda tun ranar naɗi ba ya ɗaukar baƙuwar lamba, maroƙa sun dame shi.

Mafita biyu ce, ko ya sa tsohon hannun, ko ya je reshen shi da kanshi da katin shaida ya cika fom a canza na cikin kwamfuta. Na ce ranka ya daɗe tsohon ya fi sauri. Ya ɓata rai ya ce shi ya bar wancan hannun, na lokacin wahala ne. Da na matsa ya ɗauki bayan ambulan ya gwada, ya yi kusan shafi guda babu biyu da suka yi kama da juna, ɗan shi na gefe yana danne dariya da hula. Na ce to ko yaron nan ya tura mani ta waya? Ya ce ai ya faɗa mani manyan kuɗi ba ya tura su ta waya.

Ƙarshe dai ya ce zai je bankin in ya dawo daga Abuja, ya rubuta mani na uku da sabon hannun, ya sa kwanan wata na ƙarshen Fabrairu don kada in riga shi zuwa. Shi ma in ka kai kafin ranar dawo da shi za su yi, wannan kam ban bari an gaya mani a gaban layi ba, sikiriti na tambaya a waje. Na kai wa matata ta ajiye, ta ce in wannan ma ya dawo kada in sake zuwa bankin nan da safe lokacin da 'yan fansho ke zuwa. Mai shago na Santara kuma har yanzu in na wuce sai ya ce Alhaji a ɗaure ko a dakata.