Ba allura ba ce ta buɗe ƙirjin yaron nan

Duk kun ji abin da ake ta faɗa a unguwarmu nan Tawa game da ƙanwata da ɗanta, kuma na gaji da yin shiru. Wai ta kwana likita a banza, tunda ba a yi wa yaron allura ba, ba a ƙara masa ruwa ba, “iska kawai aka fesa masa a buteli”. Madalla da ku, manyan lokotoro na bakin rijiya, waɗanda ba su taɓa ƙirga numfashin yaro ba amma sun san maganin da ya kamata a ba shi.

Wannan iskar da kuke renawa ita ce maganin. Sunansa salbutamol, wanda aka fi sani da Bantolin, kuma aikinsa shi ne sassauta naman da ya ɗaure ƙananan hanyoyin iska na huhu. Ƙurar hunturu da ke taso mana daga gabas tana da laushin da take wuce hanci ta sauka can ciki, sai hanyoyin su kumbura su tsuke, shi ya sa kuke jin ƙirjin yaro yana fito idan zai fitar da numfashi, musamman cikin dare da goshin asuba. Maganin da aka shaƙa yana isa wurin kai tsaye cikin mintoci kaɗan, alhali siro sai ya bi ta ciki da jini, ya daɗe bai kama ba, kuma ya fi sa bugun zuciya da rawar hannu.

Yaron shekararsa uku. Da tsakar dare uwarsa ta ɗaga rigarsa ta ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko “Inna” ba ya iya faɗa sai ya tsaya ya huta. Ba ta jira gari ya waye ba. Majo ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur ya samu 56, alhali ga yaro mai shekara ɗaya zuwa biyar, daga 40 an shiga sauri. Ya ɗauko butelin roba na rabin lita wanda aka huda gindinsa, ya cusa bakin abin fesawa a hudar, ya fesa sau ɗaya, yaron ya ja numfashi kamar sau biyar daga bakin butelin, sannan ya sake fesawa. Butelin da kuke wa dariya yana riƙe maganin ne, domin ƙaramin yaro bai iya daidaita jan numfashinsa da fesawar ba, sai maganin ya ƙare a harshe. An maimaita haka sau uku, da tazarar minti 20, aka kuma ba shi ƙwayar prednisolone saboda kumburin, wadda takan ɗauki awoyi kafin ta fara aiki.

To, me ya sa aka riƙe su har safe? Saboda ƙarfin maganin shaƙa yana raguwa bayan kamar awa huɗu, kuma ƙirjin yana iya sake rufewa. Ta zauna a kan benci da yaron a jingine a ƙirjinta, tunda kwanciya tana ƙara masa wuya, majo yana dawowa yana maƙala masa ɗan abin awon iska a yatsa, ya ce mata: “Hajiya, in ya sauka ƙasa da 90, ko fiton ya ɗauke alhali yana ta haki, sai mun tura ku babban asibiti.” Ku lura da wannan, ƙirjin da ya yi shiru yaro yana fama ba sauƙi ba ne, iskar ce ta kasa shiga.

Masu cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita, ba ni da lokacinku. Ciwon ne yake dawowa duk shekara da hazo, ba maganin ne yake kiransa ba. Masu cewa da ta jiƙa masa sassaƙe ta jira safiya kuwa, Allah ya sa kada ku taɓa ganin leɓen ɗanku ya yi duhu a hannunku. Gwaggon da ta ba da shawarar a jefar da abin fesawar, ina girmama ta, amma yana nan a jakar uwar kuma nan zai zauna.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ranar da suka dawo gida, masu zuwa sannu sun tarar da ɗaki a rufe saboda sanyi, sai wata ta ce a kawo garwashi a sa turaren wuta don a kori warin likita, ga igiyar maganin sauro tana hayaƙi a gefen gado, ga yarinya tana sharar tsakar gida ba ta yayyafa ko kofi ɗaya na ruwa ba. Babu wadda ta ce uffan a kan wannan.